Dogon rubutu a ƙaramar waya: inda za ka yanke layi da inda emoji ke da aiki

Yau maganarmu a kan dogon rubutu ne a Facebook: yadda za ka tsara shi da tazarar layi da emoji kaɗan, har wanda ke riƙe da ƙaramar itel ko tsohuwar Tecno ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya gaji ko ya ɓata hanya ba. Ga masu karanta wannan a rubuce, misalan da zan kawo suna nan ƙasa yadda suke, sai ku gwada su a wayoyinku.

Bari mu fara da lissafi, domin daga nan komai ya taso. Ka buɗe duk wani dogon rubutu a wayarka, ka ƙirga haruffan layi ɗaya har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. A ƙaramar waya za ka samu wajen haruffa 40, ko ƙasa da haka idan mai wayar ya ƙara girman rubutu, kamar yadda iyayenmu da masu matsalar ido ke yi. Haruffa 40 a Hausa kalma bakwai ne zuwa takwas. Ke nan rubutu mai kalma 300, wanda a takarda bai cika shafi ɗaya ba, a waya ya zama layi 40. Fuskar wayar kuma ba za ta nuna maka layi 40 lokaci guda ba, sai ka ja sama sau ɗaya ko biyu.

To a wurin jan nan ne ake rasa mai karatu. Idan rubutun a dunƙule yake, babu sarari ko ɗaya, duk layukan kama ɗaya suke yi. Ka sa yatsa ka ja, idonka ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya, ka dawo ba ka san inda ka tsaya ba. Ko ka maimaita layin da ka riga ka karanta, ko ka tsallake biyu. Mutum yana cikin Keke Napep, ana girgiza shi, rana na haska fuskar wayar, ba zai yi ta neman layi ba. Wucewa zai yi. Farin sararin da ke tsakanin sakin layi shi ne abin da ido ke kamawa ya gane inda yake.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe: Facebook ba ya nuna dogon rubutu gaba ɗaya. Yana nuna layukan farko kaɗan, sai ya yanke ya sa See more. Yawan layin da yake bari yana canzawa, ya danganta da ko babbar manhajar kake amfani da ita ko Facebook Lite, da kuma ko akwai hoto tare da rubutun. Don haka ni nakan ɗauka cewa layi biyu zuwa uku kawai nake da su a hannu. Abin da ka sa a wannan wuri shi zai sa a danna ko a wuce.

Yanzu ga misali. Mu ɗauka matasan wata unguwa sun shirya horo, an ce sakatare ya sanar. Ga irin abin da aka saba gani:

Assalamu alaikum warahmatullah jama'a barkanmu da warhaka da fatan kowa yana lafiya Allah ya sa haka amin 🙏🙏🙏 bayan gaisuwa da fatan alheri muna farin cikin sanar da ɗaukacin matasan unguwa maza da mata 🔥🔥 cewa bayan doguwar tattaunawa da muka yi da iyayen ƙasa mun samu damar shirya horon gyaran waya kyauta na sati shida 💃💃📱📱 wanda za a riƙa yi Asabar da Lahadi daga ƙarfe 10 zuwa 1 a firamaren unguwa kuma mutum 30 kawai za a ɗauka 😭😭 duk mai so ya zo da hoton fasfo biyu da takardar amincewar iyaye ga wanda bai kai shekara 18 ba za a rufe karɓar suna ranar Alhamis ƙarfe 4 na yamma 👇👇👇 a taimaka a yaɗa 🙏🙏

Duk bayanin da ake buƙata yana ciki, babu abin da sakatare ya manta. Amma mu auna shi da ma'aunin ƙaramar waya. Haruffansa sun kai wajen 600, wato layi 15 ko 16 a dunƙule. Layuka ukun farko duk gaisuwa ce, don haka wanda bai danna See more ba bai ma san akwai horo ba. Kalmar "horon gyaran waya" sai wajen layi na takwas ta fito. Ranar rufe karɓar suna, wadda ita ce abin da zai sa yaro ya samu gurbi ko ya rasa, tana can layi na 14 zuwa 15, an binne ta. Emoji 16 ne a ciki, babu guda ɗaya da ke nuna wa ido inda muhimmin bayani yake.

Akwai ma wani tarko a ciki, ku sake duba wurin nan: "ga wanda bai kai shekara 18 ba za a rufe karɓar suna". Saboda babu aya kuma ba a sauka layi ba, "ba" ɗin da ke rufe jimlar farko ta manne da jimla ta biyu. Mai karatu cikin sauri zai ga "ba za a rufe karɓar suna ranar Alhamis". Ma'ana ta juye gaba ɗaya. A Hausa wannan yana yawan faruwa, domin korewarmu da "ba" take ƙarewa kuma da "ba" take farawa. Wani zai zo ranar Juma'a da hotunansa a hannu, a ce masa an rufe, ya ce ai shi ya karanta ba za a rufe ba.

Ga yadda zan sake tsara shi, ba tare da na rage bayani ko ɗaya da ake buƙata ba:

Horon gyaran waya kyauta ga matasa 30, maza da mata. Za a rufe karɓar suna ranar Alhamis, ƙarfe 4 na yamma.

Assalamu alaikum. Bayan tattaunawa da iyayen ƙasa, mun samu damar shirya wannan horo na sati shida ga matasan unguwa.

📅 Asabar da Lahadi, ƙarfe 10 na safe zuwa 1 na rana
📍 Firamaren unguwa

Abin da za ka zo da shi:
1. Hoton fasfo biyu
2. Takardar amincewar iyaye, idan ba ka kai shekara 18 ba

A taimaka a yaɗa, Allah ya saka da alheri.

Mu bi abin da aka yi ɗaya bayan ɗaya. Na farko, labarin da ranar rufewa sun hau sama, cikin layi ukun da kowa zai gani ko bai danna komai ba. Wani zai ce, to ina sallama? Sallama tana nan, ta dawo sakin layi na biyu. Idan kuma ranka bai kwanta ba sai ka fara da ita, ka rubuta "Assalamu alaikum" ka ɗiga aya ka ci gaba da labarin a layin nan, haruffa 16 kawai ta ci. Abin da ke cinye wurin shi ne "barkanmu da warhaka da fatan kowa yana lafiya", musamman idan aka bi shi da layi biyu na fili. Kowane layin fili da ka bari a sama, ka tura ainihin saƙonka ne zuwa bayan See more.

Na biyu, akwai sauka layi iri biyu a ciki, kuma aikinsu daban. Idan ka danna Enter sau ɗaya, ka sauka sabon layi ba tare da fili ba. Wannan na abubuwan da suke 'yan gida ɗaya ne, kamar rana da wuri, ko jerin abin da za a zo da shi. Idan ka danna sau biyu, ka bar layi ɗaya fari, wannan yana ce wa mai karatu magana ta canza. Sau ɗaya tsakanin dogayen sakin layi ba ya wadatarwa a waya, domin idan layin ƙarshe na sakin ya cika har bakin fuska, ba wanda zai gane an shiga sabon saki. Sau uku ko huɗu kuma ɓarna ce, ka sa mutum yana ta jan farin fili. Haka masu jera ɗigo, kowane a layinsa, har biyar ko goma don a tilasta mutum ya danna See more. Zai danna sau ɗaya, idan ya ga abin da ke ƙasa bai kai wahalar ba, gobe ba zai sake ba.

Na uku, emoji sun sauko daga 16 zuwa biyu, kuma kowane yana da aiki. Wanda ya dawo ranar Juma'a da dare yana son ya tuna ƙarfe nawa ne, ba sai ya sake karanta komai ba, idonsa zai faɗa kan kalandar nan. Wannan yana yiwuwa ne kawai saboda su biyu ne. Emoji launi ne a tsakiyar baƙin rubutu, ido yana zuwa wurinsa kafin kalma. Idan biyu ne, sun zama alamar hanya. Idan kowane layi yana da nasa, babu wanda ya fi wani, ido ya rasa inda zai sauka.

To wannan sanarwa ce. Yaya dogon sharhi, irin na kalma 600 ko 800 da muke rubutawa a kan wata matsala? A nan ma'aunina shi ne sakin layi kada ya wuce layi biyar zuwa shida a fuskar waya. Idan ka lissafa da haruffa 40, wajen kalma 40 zuwa 45 ke nan, jimla biyu ko uku. A kwamfuta wannan sakin layi biyu ne kacal, sai ka ga kamar ya yi gajarta. Kada kwamfutar ta yaudare ka, ba a nan za a karanta ba.

Amma ba da ƙirga kaɗai ake yankawa ba. Ka yanke a inda magana ta juya. Hausa tana da kalmomin da ke nuna wurin: "amma", "to", "sai dai", "misali", "saboda haka", "na biyu". Idan ka ga ɗaya daga cikinsu a farkon jimla, kuma sakin ya riga ya kai layi huɗu, nan ne gaɓar. Yadda mahauci ke bin gaɓa idan yana fawa, haka za ka bi. Ga gwajin da nake yi: na karanta jimlar farko ta kowane saki kaɗai, ina tsallake sauran. Idan na fahimci inda rubutun ya dosa, an yanke daidai. Idan na ji kamar an fara magana daga tsakiya, an yanke a wurin da ba gaɓa ba.

Akwai kuma waɗanda suka wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Kowace jimla layinta daban da fili a ƙasanta, wani lokaci ma kalma uku sai a sauka. A gajeren rubutu yana iya tafiya. A dogon sharhi yana kashe hujja. Idan kana cewa abu kaza ya faru saboda kaza, shi ya sa muke neman kaza, waɗannan jimloli uku a haɗe suke aiki. Ka raba su da fili, sun zama maganganu uku da ba su san juna ba. Ga shi rubutun da zai ci layi 40 ya koma 70, mai karatu ya yi ta ja har babban yatsansa ya gaji. Jimla ita kaɗai a layinta ka ajiye ta don abu ɗaya ko biyu da kake so a riƙe, kamar buƙatar da kake gabatarwa ko lambar da za a kira.

Wata matsala da ake yawan gani, ba daga marubucin take ba, daga kwafi take. Idan ka kwafo rubutu daga PDF, sau da yawa yana zuwa da yankan layinsa na takarda. A takarda layin ya kai haruffa 80 ko 90 kafin ya sauka. A waya sai ya cika layi biyu, ya bar ɗan guntu a na uku, ya sauka a tsakiyar jimla. Alamarsa ita ce ka ga dogo, dogo, gajere, dogo, dogo, gajere, kamar haƙoran zarto. Maganinsa ka bi ka goge kowane yankan da ya faɗo a tsakiyar jimla, ka bar wayar ta naɗe layin da kanta. Wannan ma doka ce gaba ɗaya: kada ka danna Enter don layi ya yi kyau a fuskar wayarka, domin faɗin wayar wani ba irin naka ba ne. Idan kuma daga WhatsApp ka kwafo, ka duba taurari. A can tauraro gaba da baya yana mayar da kalma mai kauri, a rubutun Facebook na yau da kullum taurarin ne za su fito tsirara a jikin kalmar.

Wannan ya kawo mu ga haruffan ado, masu kauri ko masu lanƙwasa, da ake kwafowa daga wasu manhajoji don a yi kanun rubutu. Waɗannan ba haruffan rubutu ba ne na gaske, alamomin lissafi ne da suka yi kama da haruffa, kuma babu ƙ, ɗ da ɓ a cikinsu. Shi ya sa idan ka rubuta "ƙungiya" ko "haɗin kai" da su, sai ka ga harafi mai ƙugiya ya fito siriri shi kaɗai a tsakiyar masu kauri. A wasu tsofaffin wayoyi ma akwatuna kawai ake gani. Idan kana son kanu a cikin dogon rubutu, gajeren layi na kalma uku ko huɗu, da fili a samansa, ya isa. Manyan haruffa ma suna yi a kanu, amma kada ka rubuta saki guda da su, sun fi cin wuri kuma sun fi gajiyar da ido.

Mu koma kan emoji, akwai abubuwa uku da nake so a kiyaye. Na farko, kada emoji ya maye gurbin kalmar da in babu ita ma'ana ta rushe. Kusan kowace shekara ana ƙara sababbin emoji, kuma wayar da ta daɗe ba a sabunta ta ba tana iya nuna akwati a wurinsu. Idan ka rubuta "ku zo da" ka bi shi da hoto kawai, wani akwati zai gani. Rubuta kalmar, emoji ya zama rakiya. Gwajin mai sauƙi ne: ka goge duk emoji a ranka, idan saƙon yana nan daram, ka yi daidai.

Na biyu, a ƙaramar fuska emoji ƙanana ne sosai, kuma wasu suna kama da juna. 😂 dariya ce har da hawaye, 😭 kuka ne. Duk mun sha ganin an sa na farkon a ƙarƙashin sanarwar rasuwa, da kyakkyawar niyya, saboda an ga hawaye. A rubutun ta'aziyya, rashin lafiya, ko neman taimakon gaggawa, shawarata a bar fuskokin nan gaba ɗaya. Kalmominmu na addu'a sun wadatar.

Na uku, ka tuna da masu larurar gani da ke amfani da TalkBack, manhajar Android da ke karanta musu abin da ke fuskar waya da murya. Ita ba ta ganin ado, sunan emoji take faɗa. Ka sa wuta a tsakiyar jimla, za ta katse jimlar ta ambaci wuta, sannan ta ci gaba. Ka auna sanarwar farkon nan mai emoji 16 a kunnen mutum. Don haka wurin emoji farkon layi ne ko ƙarshen jimla, ba tsakiya ba, kuma guda ɗaya, ba jere ba. Ni a dogon rubutu ba na wuce uku zuwa huɗu, sau da yawa ma babu ko ɗaya. A jeri kuma lamba ta fi emoji, domin mutum zai iya ce maka "ban gane na 2 ba".

Kafin ka saki dogon rubutu, ga abin da zai ɗauke ka minti biyu. Ka rubuta shi a wurin ajiye rubutu na wayarka tukuna, don kada netwok ko kira ya cinye maka shi. Ka ɗora shi a Facebook, amma ka sa masu gani a Only me. Sai ka fita ka duba shi kamar baƙo: me ya fito kafin See more, shin ya faɗi abin da rubutun ya ƙunsa? Ka danna, ka ja ƙasa da sauri ba tare da karantawa ba, ka ga ko akwai wurin da rubutu ya cika rabin fuska babu fili, nan ke buƙatar yanka. Ka nemi rana, wuri, kuɗi ko lambar waya, ka ga ko idonka ya same su nan take. Lambar waya da lambar asusu su zauna a layinsu su kaɗai, babu emoji manne da su, don mai kwafa da hannu kada ya haɗa da wata lamba da ke kusa. Idan komai ya yi, ka mayar da shi Public. In akwai ƙaramar waya a gida, ta ƙani ko ta Mama, bayan ka saki ka leƙa ta can ma, domin abin da ta nuna shi ne abin da yawancin masu karatunka ke gani, kuma Edit post yana nan idan ka ga abin gyara.

Aikin da zan bar muku a wannan mako: kowa ya koma kan rubutu mafi tsawo da ya yi a watan nan, ya ƙirga layukan sakin da ya fi girma, ya ƙirga emoji, ya duba abin da ke saman See more. Ya sake tsara shi da abin da muka tattauna, ya ba wani ya karanta duka biyun a wayarsa, ya tambaye shi wanne ya kai ƙarshe.

Nan za mu dakata.